Yaya, a nan taurari ne shaidar mai sana'a

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya shago, ya su Umma? Mu nan Birmingham sanyi ne kamar zai tsaga ƙashi, kuma sanyin ne ma ya jawo wannan dogon saƙon.

Satin da ya wuce boilar gidanmu ta mutu, wato injin da yake dumama ruwa da ɗakuna. Da a Fagge ne sai in leƙa waje in ce wa ya san mai gyara, kafin la'asar an kawo min wani an ce ɗan gidan wane ne, in ya cuce ni na san wanda zan kai wa ƙara. Nan kuwa maƙwabcina ko sunansa ban sani ba. Waya na ɗauka na shiga Google Maps, masu gyara suka jeru kowa da taurarinsa, daga 1 zuwa 5, da abin da mutanen da ya yi wa aiki suka rubuta. Na tsallake wani mai 5 cif saboda mutum uku kacal suka yabe shi, ƙila ma 'yan uwansa ne. Wanda na kira bai kai 5 ba, amma shaidarsa ta fi ɗari, kuma inda wata ta zage shi kan makara na ga ya ba ta haƙuri ya faɗi dalili. Sai na duba lambarsa a Gas Safe Register, don a ƙasar nan laifi ne mutum ya yi sana'ar gyaran gas ba rajista. Ya zo a lokacin da ya faɗa, ya gaya min kuɗi kafin ya kwance ko noti ɗaya. Tsada kam ba a magana.

Ɗinki kuwa wallahi ba su kama ƙafarku ba, rage tsayin wando kaɗai sai ka ji kuɗin ka riƙe baki, kuma Hausawan nan duk Sallah neman tela suke a gida. Amma ka ji yadda ta kaya da ni bara. Na ga wani shafi a Instagram, kaftani kamar a sace, na tura kuɗi duka. Shaddar da na zaɓa a hoto ruwan toka ce, wadda ta iso ta fi kusa da shuɗi, hannun rigar ya tsaya min a saman tsintsiyar hannu, kuma kayan sun zo kwana tara bayan Sallah. Daga baya na ga hotunan nan a shafin wani telan daban, ashe kwaso su ya yi. Alamun suna nan ni ne ban lura ba: ba hoton shago, ba adireshi, kowane hoto da kalar bangonsa.

To kai shekara nawa kana ɗinki, 'yan Kantin Kwari har yadi suke ba ka bashi ba rubutu, amma in na rubuta sunan shagonka a waya ba abin da ke fitowa. Ka sa yaron shago ya buɗe maka Google Business Profile, kyauta ne. Yawanci za su nemi bidiyo don su tabbatar shagon na nan, sai ya ɗauko titi da allon shago da kekunan ɗinki a ɗauka ɗaya ba yankewa, don haka fara gyara allon nan da ya goge. Duk wanda ya zo karɓar ɗinki ka roƙe shi ya rubuta shaida a take. Ka sani fa in an zage ka ba ka da ikon gogewa, amsa kawai za ka iya, shi ya sa alkawarin tela na “dawo jibi” ba zai yiwu a Google ba, gara ka ce sati uku ka gama a biyu.

Maganar kala, ka ɗauki yadin a hasken rana a bakin shago, ban da ƙarƙashin ƙwan lantarki, ka tura bidiyo mutum ya amsa da bakinsa kafin almakashi ya taɓa. Awo kuma kar ka yarda da lambobin da aka turo maka, wasu tef ɗinsu gefen santimita suke karantawa kai kuma inci kake aiki da shi. Ka ce ya shimfiɗa rigar da ta yi masa daidai a ƙasa, ya ɗora tef a kafaɗa da hannu da tsayi ya ɗauki hoto lambar na fitowa. Rabin kuɗi kafin alƙalami, ciko bayan ya ga bidiyon kayan a kammale. Ka kuma gaya masa tun farko in darajar kayan ta haura fam 135 zai iya biyan haraji a nan kafin a ba shi.

Mutum huɗu a masallacinmu sun ce in ka shirya za su gwada, ni ne na biyar, yadi biyar fari, aikin wuya kaɗan. Awona na da kar ka yi amfani da shi, tumbi ya fito. A gaida Umma da Anti da yara.