Gyara tsohon daftari ko fitar da takardar rage bashi: wanne ya fi idan an dawo da kaya?

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Wani kwastoma ya ɗauki katan 40 bashi a watan Maris, ya biya wani ɓangare. Yanzu a Afrilu ya dawo da 10, shida lafiyayyu, huɗu sun lalace. In shiga tsohon daftarin in mayar da shi katan 30, ko in yi masa takardar rage bashi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ka bar daftarin Maris, wato takardar cinikin da ka ba kwastoma, yadda yake, ka fitar da takardar rage bashi, wadda a yawancin manhajoji za ka ga an rubuta mata Credit Note. Bari mu sa lambobi mu bi hanyoyin biyu, domin a nan bambancin yake fitowa fili.

Mu ɗauka kowane katan ka saro shi a kan 350, kana sayarwa 500, amma ka yi wa wannan kwastoma rangwamen kashi 10 cikin ɗari, ya koma 450. Mu ƙaddara harajin ciniki shi ma kashi 10 ne. Daftarin ya zama 18,000 na kaya da 1,800 na haraji, jimla 19,800. Ya biya 10,000, saura 9,800.

Idan ka gyara daftarin zuwa katan 30, bashin zai sauko daidai, ya koma 4,850, kuma wannan ne yake sa mutane su ɗauka an gama. Amma ka taɓa watan da aka riga aka rufe. Cinikin Maris a kan wannan kwastoma ya sauka daga 18,000 zuwa 13,500, alhali rahoton da aka fitar a ƙarshen watan yana ɗauke da 18,000. In an riga an miƙa bayanin haraji da 1,800, littafinka yanzu yana cewa 1,350, kuma babu wata takarda da za ta bayyana inda 450 ya shiga. Kwafin da ke hannun kwastoma yana cewa 40, naka yana cewa 30, da lamba ɗaya. Ranar da aka yi saɓani, wanne za a yarda da shi?

Abin da ya fi wannan muni yana sito. Manhajar da ke cire kaya ta hanyar daftari za ta ɗauka katan 10 ɗin nan ba su taɓa fita ba, sai ta mayar da su duka cikin kayan sayarwa. Littafi ya ce goma, kanta ta ce shida. Huɗun da suka lalace, masu darajar 1,400, za su zauna a lissafi a matsayin dukiya har ranar ƙidayar kaya, a lokacin kuma ba wanda zai tuna asalinsu, sai a fara zargin mai kula da sito.

Hanya ta biyu tana farawa daga ƙofar sito, ba daga teburin akawu ba. Mai karɓa ya ƙirga, ya duba, ya cike takardar karɓar kayan da aka dawo da su: lambar asalin daftari, adadi, halin kowane katan, dalilin dawowa, da sa hannun wanda ya kawo. Da wannan takarda ne kawai akawu zai fitar da takardar rage bashi, da kwanan watan Afrilu, da lambarta ta daban, kuma a jingine da daftarin Maris. Ya kamata wanda ya karɓi kaya da wanda ya amince da rage bashin su zama mutum biyu, domin takardar rage bashi marar kaya a bayanta ita ce hanya mafi sauƙi ta ɓoye kuɗin da aka karɓa daga kwastoma ba a shigar ba.

Daga nan lissafin ya rabu gida biyu, kuma kowanne da farashinsa. Ɓangaren kwastoma da farashin da aka sayar masa ake yi: katan 10 a kan 450 sun zama 4,500, wanda zai shiga asusun kayan da aka dawo da su ya rage ciniki. Harajin da ake bin ka ya ragu da 450. Bashinsa ya ragu da 4,950, ya koma 4,850. Ɓangaren sito kuwa da kuɗin sari ake yi: a cire 3,500 daga kuɗin sarin kayan da aka sayar, 2,100 na lafiyayyu shida su koma sito, 1,400 na huɗun da suka lalace su tafi asusun asarar kaya. In akwai begen gyara su ko mayar wa dila, a ajiye su a wani wuri na daban a sito da kuma a manhaja, kada su haɗu da na sayarwa kafin a yanke hukunci.

Ka kwatanta ribar. Da farko 4,000 ce. Gyaran daftari zai nuna maka 3,000. Gaskiyar ita ce 1,600, wato cinikin 13,500, a cire sarin katan 30 na 10,500, a cire asarar 1,400.

Ita ma takardar rage bashin tana da ramukanta, kuma kusan duka daga rashin jingina ta da asalin daftari suke fitowa. Idan aka buɗe ta tsirara, manhaja za ta jawo farashin 500, a manta da rangwame, kwastoma ya samu ragin 5,500 maimakon 4,950. Haka nan in ka sake saro kaya har matsakaicin kuɗin sari ya hau zuwa 380, wasu manhajoji da wannan sabon farashin za su mayar da katan shidan, su zama 2,280, ka samu ribar ƙarya ta 180. Bayan an fitar da ita kuma dole a haɗa ta da daftarin. In ba haka ba, jimlar bashin za ta yi daidai, amma jadawalin tsufan bashi, wanda ke nuna daɗewar da kowane bashi ya yi ba a biya ba, zai ci gaba da nuna 9,800 a kan daftarin Maris, da 4,950 yana shawagi shi kaɗai, sai mai karɓar bashi ya kira kwastoma yana neman abin da ba a bin sa.

Da a ce ya riga ya biya 19,800 cif, takardar za ta sa kai ne ake bi 4,950. Ko a bar masa shi ya ci a sayayya ta gaba, ko a mayar masa da kuɗi a rubuta fitarsu a kan asusunsa. Idan aka ba shi kuɗi daga aljihun tebur aka shigar a matsayin kashe kuɗi na yau da kullum, ragin yana nan a asusunsa, zai ci sau biyu.

Akwai inda gyaran daftari ya halatta: kaya ba su fita ba, ba a ba kwastoma kwafi ba, ba a kuma shigar da shi littafi ba. In kuwa kwastoma ya ce zai riƙe huɗun da suka lalace a yi masa sassauci, to takardar katan shida ce za ta ɗauki adadi, sassaucin kuma a rubuta shi kuɗi zalla ba tare da adadin kaya ba, don kada sito ya motsa.

A ƙarshen Afrilu ka jera takardun karɓar kaya a gefen takardun rage bashi, lamba da lamba. Takardar karɓa marar abokiya na nufin kaya sun shigo amma ciniki da bashi ba su ragu ba. Takardar rage bashi mai adadin kaya da ba ta da ta karɓa kuma na nufin an yafe kuɗi a kan kayan da ba wanda ya gani a sito.