Sharhi kan hannun mutum-mutumi mai tsintar kaya da taimakon OpenCV

Hannun da na gwada a ɗakin aikina da ke Zinder yana da ƙananan injina MG996R da allon Arduino, wato ƙaramar kwamfutar da ke ba injinan umarni, na kuma rataye kamara a bisa tebur, santimita 60 daga samansa, domin ya riƙa tsamo jajayen gutattsarin katako daga cikin masu wasu launuka.

Ta fuskar gane launi, OpenCV, wato tarin manhajar da kwamfuta ke nazarin hoto da shi, ya gamsar da ni. Yana karɓar hoto a tsarin BGR, wato haɗin shuɗi, kore da ja, amma sai an mayar da shi tsarin HSV aikin yake kyau, domin a nan asalin launi yana rabe da ƙarfin haske. Ma'aunin launin yana tafiya daga 0 zuwa 179, ja kuwa ya faɗo a bakin farko da bakin ƙarshe, saboda haka dole a tace shi sau biyu a haɗa:

```python
hsv = cv2.cvtColor(img, cv2.COLOR_BGR2HSV)
a = cv2.inRange(hsv, (0, 120, 70), (10, 255, 255))
b = cv2.inRange(hsv, (170, 120, 70), (179, 255, 255))
mask = a | b
```

Daga nan `findContours` da `moments` suke fitar da tsakiyar katakon ba tare da wahala ba. Abin da ke dagula lissafi shi ne hasken taga, musamman lokacin hunturu da hazo ke sauya launin rana, har teburin katako ya fara bayyana fari-fari a cikin `mask`, wato hoton da ke nuna ja da fari, sauran kuma da baƙi, kamar shi ma ja ne. Labule, fitila guda da farar takarda a kan tebur sun magance wannan.

Inda na fi daɗewa shi ne mayar da wurin da kamara ta gani zuwa wurin da hannu zai sauka. Ana ba `getPerspectiveTransform` maki huɗu da aka auna a kan tebur tare da wurarensu a cikin hoto, to amma kamara saman katako take gani, ba gindinsa ba. Katako mai tsayin santimita 3 da ke nesa da tsakiyar hoto da santimita 15 zai bayyana kamar yana kan 15 × 60 ÷ 57, wato kusan santimita 15.8. Wannan tazara ta milimita 8 ta isa yatsun hannun su bugi gefen katakon su ture shi. Alamarta ita ce hannun yana dacewa a tsakiya, yana kuma zarcewa waje a gefuna, kuma maganinta shi ne a auna maki huɗun a kan saman katakon.

Shi kansa hannun, gaskiya, bai kai idon da ke jagorantarsa ba. Gaɓoɓinsa suna da ɗan sako-sako, kuma injin MG996R guda yana iya jan fiye da amfa 2 idan ya cije, don haka wutar Arduino ba ta ɗaukarsa, sai an ba shi tasa wutar daban tare da haɗa wayarta ta `GND`, wato wayar ƙasa, da ta Arduino. Ga ɗalibi mai koyo ya cancanci kuɗinsa, amma ba zan ba shi aikin tsintar abin da bai kai santimita 2 ba.