Na gwada rstanarm da faturar lantarkin gidanmu a Jidda

Ga ɗalibin da yake son fara koyon rigireshan ta hanyar Bayes, ban ga abin da ya kai rstanarm sauƙin shiga ba. Kunshi ne na manhajar R, kyauta ne, kuma da ka sauke shi za ka fara aiki, ba sai ka haɗa wasu kayan a kwamfuta ba. Wanda ya saba da `lm()` zai ga `stan_glm()` kamar ɗan gida. Sai dai sauƙin nan yana ɓoye abu guda: idan ba ka zaɓi zaton farko, wato hasashenka kafin ganin bayanai, da kanka ba, shi zai zaɓa maka, ya wuce.

Na gwada shi ne da faturar lantarki ta wata goma sha biyu ta gidan baffana da nake zaune a nan Jidda. Tambayar ita ce, idan matsakaicin zafin wata ya ƙaru da digiri ɗaya, yunit nawa na wuta ke ƙaruwa? Duk mazaunin garin nan ya san mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ne ke shan wutar. Lissafin `lm()` ya ba ni yunit 200 a kowane digiri, da kuskuren kiyasi na 50. Kuskuren yana da girma saboda watanni kaɗan ne, ga azumi da ake raba dare ido biyu, ga baƙin Hajji da Umara da ke sauka su cika gida.

Zaton farko shi ne abin da kake ganin zai yiwu kafin ka kalli bayanan, kuma a allo `prior` ake rubutawa. Da na bar rstanarm ya zaɓa, sai na buga `prior_summary()` don in ga me ya sa. Ya ɗora tsakiyar a kan sifiri, faɗin kuma kusan 640, domin yana ninka 2.5 da warwatsuwar lantarki ne ya raba da warwatsuwar zafi. Ma'anarsa, kafin ganin fatura, ya ɗauka raguwar wuta a lokacin zafi daidai take da ƙaruwarta. Babu ɗan Jidda da zai yarda da haka. Ba ya cutarwa, don faɗinsa ya sa bayanai ne ke magana, amsar ta tsaya kusa da 200. Amma ilimin da kake da shi ya tafi a banza.

Sai na zauna da Baffa na ce, "Baffa, tsakanin faturar sanyi da ta tsakiyar zafi, a shekarun baya, nawa ne bambancin?" Ya ce, "Ɗana, abin ya kan kai yunit 1,500, wata shekarar ya fi, wata bai kai ba." Tsakanin Janairu da Yuli a Jidda bambancin zafi ya kai wajen digiri goma, ke nan 150 a kowane digiri. Tunda daga ka ya faɗa, na ba shi faɗi mai yalwa, 100. Hakan na nufin ina ganin amsar tana tsakanin -50 da 350, kuma na bar ƙofa kaɗan ko da zatona ya saɓa. A lura, shekarun baya na tambaye shi. Da na ɗauko zaton daga faturar da zan yi lissafi da ita, na yi amfani da bayanai ɗaya sau biyu, tazarar da amsar ke faɗawa a ciki ta fito a matse fiye da gaskiya.

```r
m <- stan_glm(lantarki ~ zafi, data = gida,
              prior = normal(150, 100))
posterior_interval(m, prob = 0.9)
```

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne na iya bin sawun amsar da biro da takarda. Nauyin kowane ɓangare shi ne ɗaya a raba da faɗinsa sau kansa. Na zaton farko 1/10,000 ne, na bayanai 1/2,500, wato bayanai sun ninka zatona sau huɗu. Saboda haka amsar ita ce kashi ɗaya cikin biyar na 150 a haɗa da kashi huɗu cikin biyar na 200, ya ba da 190. Faɗin ya sauko zuwa kusan 45, tazarar kashi 90 kuma daga 116 zuwa 264. Ta rstanarm ta ɗan fi wannan faɗi, wajen 110 zuwa 265, domin shi bai ɗauka an san girman hayaniyar da ke cikin bayanan ba, yana kiyasta ta ne ita ma.

Yadda ake karanta wannan tazara shi ne dalilin da ya sa na ƙaunaci hanyar. Idan layi miƙaƙƙe ya dace da lamarin, kuma zaton farkon nan karɓaɓɓe ne, to akwai yiwuwar kashi 90 cikin ɗari cewa ƙarin wutar kowane digiri yana tsakanin waɗannan lambobi biyu. Kai tsaye ake faɗa. Tazarar da `confint()` ke bayarwa ba ta yarda ka faɗi haka ba, ita magana take kan abin da zai faru in an maimaita ɗibar bayanai sau da yawa. Da farashin halala 18, wato riyal 0.18, a kan yunit ga gidan da bai wuce 6,000 a wata ba, na iya gaya wa Baffa cewa kowane digiri yana cin riyal 20 zuwa 48 a wata kafin haraji, mafi kusa 34. Ya gane nan take. Wanda malaminsa ke son kashi 95 kuwa sai ya rubuta `prob = 0.95` da hannunsa, don in an bar shi, 90 yake bayarwa.

Da gangan na matse zaton zuwa `normal(150, 10)` don in ga illarsa. Amsar ta koma 152, tazarar 136 zuwa 168. Ta yi kyau a ido, siririya, kuma `Rhat`, ma'aunin da ke nuna ko lissafin ya daidaita, yana nan a 1.0, babu wani gargaɗi. Amma faturar ba ta ce komai ba a nan, zatona ne ya fita ya dawo mini. Alamar gane hakan mai sauƙi ce: faɗin ƙarshe 9.8 ne, na farko 10. Duk lokacin da suka yi kusan daidai, bayananka ba su yi aiki ba. Nan ne na ga gibin kunshin ga sabon shiga, domin `Rhat` yana duba ko sarƙoƙin lissafi huɗu sun haɗu a wuri ɗaya ne kawai, ba ya duba hankalin zatonka. Maganinsa ka gudanar da lissafin da zato biyu ko uku, ka rubuta duka a rahotonka, sannan ka sa `prior_PD = TRUE` tun farko ka ga irin faturar da zatonka kaɗai ke haifarwa.

Kada kuma a ɗauki tazarar nan a matsayin hasashen faturar wata mai zuwa. Ita kan hawan layin take magana. Don wata guda `posterior_predict()` ake kira, kuma da na kira ta, tazarar kashi 90 ta kai wajen yunit 1,000 sama da 1,000 ƙasa, domin baƙi da tafiye-tafiye suna ciki. Haka nan layin na zafin Jidda ne. A Tabuka, inda ake kunna hita da sanyi, wuta tana hawa ta ɓangarori biyu, miƙaƙƙen layi ba zai ɗauka ba.

Bayanan jagorar duk da Turanci suke, kuma suna ɗauka ka riga ka san R, don haka wanda bai taɓa buga `lm()` ba ya fara da ita tukuna. Wanda ya wuce nan, ina ba shi shawarar rstanarm ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya buga `prior_summary()` kafin ya kalli kowace tazara.