Manhajar waya ko img2img: wace hanya ke barin shuku da tawadar Allah?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa, daga Jidda nake. Na mayar da hoton 'yata zanen anime da manhajar waya, sai ga ido shuɗi, shukunta ya koma gashin Indiyawa, tawadar Allah da ke ƙasan idonta ma babu ita. In ci gaba da manhajar ko in nemi mai kwamfuta?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. In dai so kike dangi su kalla su ce wance ce, mai kwamfuta za ki nema.

Manhajar da ake latsawa sau ɗaya tana da sauri, ba ta kuma buƙatar a koya. Matsalarta ita ce ba ta ba ki linzami. Ita ke yanke nisan da za ta yi da hoton asali, kuma zanukan da aka horar da irinta a kansu galibi masu farar fata ne da gashi mai santsi da idanu kala-kala. Duk inda ta rasa tabbas, can take komawa. Iyakar dabararki a nan ita ce ki ba ta hoton da aka ɗauka kusa, a wajen haske, fuska ta cika shi. Ido mai duhu a ɗaki mara haske baƙi wuluk yake fitowa, sai ta ƙirƙiro masa launi. Ki kuma sani cewa yawancinsu can wajen kamfaninsu suke tura hoton, wanda abin dubawa ne tunda na yarinya ne kai ba ɗankwali.

Ɗaya hanyar ita ce Stable Diffusion, injin AI mai zana hoto, a kwamfuta, a shafin `img2img` inda ake ba shi hoto ya sake zana shi. Akwai wahalar saiti, tana kuma son kwamfuta mai ƙarfi, amma ido da shuku da tawadar Allah kowanne da maganinsa.

Farko a duba `Denoising strength`, lambar da ke yanke nisan da zanen zai yi da hoton asali, wadda ke tafiya daga 0 zuwa 1. A AUTOMATIC1111, manhajar da ake sarrafa Stable Diffusion da ita, kan 0.75 take zuwa, a nan kuwa fuska ke zama ta wata. Ni daga 0.45 nake farawa. In hoton bai yi kama da zane ba a ɗan ƙara, in kamanni sun fara gudu a rage.

Launin ido da rubutu ake riƙe shi, da kalmomin da aka horar da injin anime a kansu. Layin farko a akwatin `Prompt` ake sa shi, na biyun kuwa, wato abin da ba a so, a akwatin `Negative prompt`:

```
1girl, dark skin, brown eyes, black hair, cornrows, mole under eye
Negative prompt: blue eyes, straight hair, bangs, pale skin
```

A kula da launin kaya. In an rubuta cewa rigarta shuɗiya ce, shuɗin yakan malalo har cikin ido, don haka gara a bar rigar ba a ambata ba.

Kitso kuma rubutu kaɗai ba ya riƙe shi, domin injin bai bambanta shuku da sauran kitso ba. Aikin ControlNet ke nan, wani ƙari da ake haɗa wa Stable Diffusion: a sa shi kan `Lineart` ko `Canny`, ya zare layukan kitson daga hoton asali, zanen ya bi su. Ki ƙirga layukan a hoton farko da na biyu, ki duba inda suka haɗu a tsakiyar kai. In sun haɗe sun zama gashi ɗaya, ko dai an ɗaga lambar `Denoising strength` da yawa, ko kitson bai fito sosai a hoton ba.

Tawadar Allah ita ce mai wuya, kuma a nan hanyoyin biyu suka fi rabuwa. Kafin injin ya yi aiki yana matse hoto sau takwas ta kowane gefe, mai faɗin ɗigo 512 ya koma 64. Tabon da bai wuce ɗigo huɗu ko biyar ba bai cika ko gurbi ɗaya ba, sai a share shi kamar datti. In ma rubutu ya dawo da shi, yana iya sauka a ɗaya kuncin, don injin ba ya riƙe hagu da dama. Saboda haka sai an gama zanen ake komawa kansa: a ɗiga tabon da hannu daidai wurinsa, a shiga `Inpaint`, a shafa ɗan wurin kawai, a zaɓi `Only masked` don ya faɗaɗa wurin ya yi aiki a kai, a sauke lambar zuwa wajen 0.3. Sai ɗigon ya saje da zanen ba tare da an taɓa sauran fuskar ba. Haka ake yi wa wushirya, haka ma tsagen fuskar dattawanmu, wanda in aka rubuta `scar` sai ya fito kamar ciwo.

Kafin a ɗiga, ki tabbatar hoton ba wanda kyamarar gaba ta juya ba ne, kada a sa tabon a kuncin da ba nasa ba. In kuma mai kwamfutar ya yi wuyar samu, ki ɗauki abin da manhajar ta ba ki, ki gyara ido da tabon da hannu a manhajar zane ta ibisPaint. Shukun ne dai wannan ba zai dawo da shi ba.