Naman sa na turka da na saya a Sabon Gari: kitsen cikin tsoka ya yi rana

Na daɗe ina sayen cinya idan zan yi gashi a gida, saboda idona yana son jan nama tas wanda babu fari a jikinsa. Ranar Asabar da ta wuce wani mahauci a kasuwar Sabon Gari ya hana ni. Ya ce, "Malam, in gashi za ka yi, bar cinyar nan wa mai kilishi." Ya jawo gadon baya na wajen haƙarƙari, ya yanka a kwance ya nuna mini fuskar naman. Cikin jan akwai ɗigo-ɗigo da siraran zare na fari, kamar an yayyafa gari. Ya ce san turka ne, wata uku yana ɗaure yana cin dusa da harawa. Na sayi rabin kilo, na ƙara da rabin kilo na cinyar don in gwada.

Wannan farin ba shi ne kitsen da ke lulluɓe da nama ta waje ba, wanda ake iya fere shi da wuƙa. Wannan a cikin tsokar yake, tsakanin zaren nama, ba yadda za ka cire shi. Turawa suna kamanta shi da zanen dutsen mabul, a kansa ma suke yi wa nama daraja, har a Japan ana ba shi maki daga 1 zuwa 12. Shi ne kitsen da dabba take tarawa a ƙarshe, bayan ta tara na ƙoda da na ƙarƙashin fata. Shi ya sa san da ya sha tafiyar kiwo da rani ba ka cika samunsa a jikinsa ba. Shanunmu masu tozo, irin Bunaji da Rahaji, dama ba su kai shanun ƙasashen waje irin Angus ko Wagyu tara shi ba, sai dai a tozon kansa. Duk wanda ya ci tozo a wajen mai balangu ya riga ya san abin da nake nufi.

Na yanka kowanne kaurin yatsa biyu, na sa gishiri kawai, na ɗora su tare a kan garwashi ɗaya. A taunar farko kusan babu bambanci, dukansu sun ba da ruwa. Daga tauna ta biyar zuwa sama labari ya canza. Cinyar ta bushe a baki ta koma kamar zare, sai da na kora da ruwa, shi kuwa gadon bayan yana nan da danshinsa har na haɗiye.

Dalilin shi ne ɗanyen nama kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne. Idan zafin cikinsa ya haura digiri 60, zaren tsokar yakan tsuke ya matse ruwan waje, shi ne wanda kake ji yana tsartuwa a wuta. Abin da ya rage yana fita a taunar farko ya ƙare. Kitsen cikin tsoka kuwa narkewa yake yi a inda yake, ya shafe zaren da maiƙo, sannan maiƙon yana sa baki ya ci gaba da kawo yawu. Wato wani ɓangare na danshin da kake ji daga bakinka yake fitowa. Kitsen waje ba ya wannan aikin, domin ba ya ratsa tsoka, ɗiga yake yi a garwashi ya tayar da hayaƙi.

Amma fa ba layar tsari ba ce. Zubi na biyu na tsaya hira da maƙwabci, na bar shi har cikinsa ya yi toka-toka ya ƙanƙance, kuma shi ma ya yi tauri, sai dai bai kai cinyar ba. Wanda na ajiye wa uwargida ya huce kafin ta ci, ta ce kitsen ya daskare mata a baki. Gaskiyarta, kitsen sa ba ya narkewa sosai da ɗumin jiki, da zafinsa ake cin sa.

Abin da bai yi mini daɗi ba, da na kwance ledar a gida na tarar an cusa mini dunƙulen kitsen waje guda biyu a awon, ga shi kuɗin ya fi na cinya. Zan koma, amma zan tsaya a yanka a gabana in ga fuskar naman, ɗigon ya zama ƙanana kuma a warwatse ko'ina, ba jijiya mai sheƙi ba, wadda idan ka ja ta takan miƙe kamar roba. In miya ce ko farfesu da za a daɗe ana dafawa, ba zan biya ƙarin kuɗin ba, cinyata ta ishe ni.