Hotuna biyu na falo ɗaya: wanne ido zai yarda da shi?

"Ga hotuna biyu na falon da na haɗa a manhajar Blender, na farko da injin fitar da hoto na EEVEE, na biyu da na Cycles. Na farko ya fi burge ni, amma wanne ya fi kama da gaske?"

Malam, na biyun ya fi, ko da yake shi ma bai tsira ba. Hasken na farko yana ɗaukar ido, amma da zarar an fara awo sai asirinsa ya tonu.

Na fara da ƙofa, domin ita ce ma'aunin da kowa ya sani: tsayinta kusan mita 2.1, mazaunin kujera kuwa kusan santimita 45 daga ƙasa. Ke nan kujerar da ke jingine da bangon ƙofar bai kamata mazauninta ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na ƙofar da yawa ba. A hoto na biyu haka take. A na farko kuwa ta kai kashi ɗaya cikin uku, wato santimita 70, kusan tsayin teburin cin abinci, wanda duk babban mutumin da ya zauna a kai ƙafafunsa za su riƙa lilo. Da alama kun sauya kujerar tsakanin hotunan ba tare da duba girmanta ba. Ku danna N, ku karanta Dimensions.

Sai tukunyar furen. A na biyu akwai siririn duhu daidai inda gindinta ya taɓa tayil, inuwar kuma daga nan ta fara. A na farko inuwar ta rabu da gindin, har ana ganin zaren haske a tsakaninsu, kuma hoton tukunyar a kan tayil bai haɗu da ita ba. Wannan alama ce cewa tana shawagi. Ku danna 1 a Numpad, ku dube ta daga gaba, za ku ga ratar.

Madubi ne ya fi raba su. Yana fuskantar tagar da ke bayan kyamara, amma a na farko tagar ba ta fito a cikinsa ba, saboda hanyar EEVEE takan ɗauko abin da madubi zai nuna daga abin da ke kan allo kawai, sai an sa mata abin da zai kama sauran. Cycles yana bin hasken har bayan kyamara, shi ya sa tagar ta bayyana. Na kuma ja layi daga kowace kusurwar tebur zuwa takwararta a madubin na biyu, duk layukan suka nufi wuri ɗaya, yadda ya kamata.

Abin da ya fi damuna yana cikin duka biyun, wato matakalar bene. Matakan ba su shiga bango ba, babu ƙarfe a ƙarƙashinsu, babu abin da ya rataye su daga sama. Sauya injin ba zai gyara wannan ba. Ku cusa kowane mataki cikin bango, ko ku shimfiɗa ƙarfe ɗaya a tsakiya wanda zai ɗauke su daga ƙasa zuwa bene.