Shafin hargitsa haruffa da na gwada wa 'yan aji uku

Ina koyar da Hausa a wata firamare a Tudun Wadan Zariya. A zangon da ya wuce na gwada wani shafin intanet na kyauta da ake zuba masa kalmomi, ya hargitsa haruffansu, ya fito da takardar aiki haɗe da ta amsoshi. Wajen sauri kam ya burge ni. Kalmomi 15 na sa, kafin shayina ya huce ya gama, na kai shagon kwamfuta a PZ aka buga mini.

A aji ne matsalar ta fito. Lamba ta huɗu ita ce "i d g a", amsar da ke hannuna kuma "gida". Ina cikin maki sai na ga wata yarinya ta rubuta "gadi", na ja mata jan biro. Ta zo gaban teburina a hankali ta ce, "Malama, ai babana gadi yake yi." Gaskiyarta. Wani yaron ma "dagi" ya rubuta, shi ma bai yi kuskure ba. Abin ya tsaya mini a rai, don saura kaɗan in koya wa yarinya shakkar abin da ta sani.

Shafin ba ya duba ko haruffan na iya ba da wata kalma daban, juya su kawai yake yi. Hausa kuwa yawancin gaɓoɓinta baƙi ne da wasali, shi ya sa gajerun kalmomi ke yawan haifar 'yan'uwansu. Haruffa huɗu mabambanta suna jeruwa ta hanya 24, biyar kuma 120. Ga kuma ƙugiya: a takardar da aka buga, "ƙasa" ta rasa ƙugiyarta. Da ma tana da abokiya, "saƙa", yanzu kuma haruffan sun koma ba da kasa, saka da aska.

Yanzu ga yadda nake yi kafin in buga. Nakan jera haruffan kowace kalma bisa tsarin abacada, "gida" ta zama "adgi". Duk kalmar da ta ba da wannan jerin, kishiyarta ce. Sai in yi ta musanya baƙaƙen da wasulan a takarda ina furtawa, wadda na yi kokwanto in duba ƙamus. Idan kishiya ta fito, ko in cire kalmar ko in sa alama. Harafin farko bai isa ba a nan, tunda gida da gadi duk da "g" suka fara, sai dai a haɗa shi da harafin ƙarshe, ko a sa ɗan zanen gida a gefe. Dogayen kalmomi irin su "makaranta" da "littafi" ba su ba ni wahala ba.

Zan ci gaba da amfani da shafin don tsara takarda. Amma "sh" da "ts" da hannu nake haɗa su, domin yana raba su gida biyu, alhali yara sun koye su a matsayin harafi guda.